Sunan da Inna ta faɗa wa 'Yar Makka

Mahaifiyata, Inna Dela, ta haura shekara saba'in, kuma duk garin Roni babu wanda zai ce ya taɓa jin sunan ɗanta na fari a bakinta. Sunansa Muhammadu Lawal. Mu ƙannensa Yaya Lawal muke ce masa. Ita kuwa sunan da take ba shi yakan canza ne da inda rayuwa ta kai shi. Da yana makarantar kwana a Kazaure, "ɗan makarantar nan" ne. Da ya fara aikin jinya a Babura, ya koma "na Babura". Tun da ya sami aiki a wani asibiti a Saudiyya kuma, sai ya zama "mutumin Jidda", kamar wani baƙon da ta taɓa haɗuwa da shi a mota.

Ni ce autarta, Bahijja. Ina koyarwa a firamare, kuma gidan aurena na nan bayan layinsu, don haka kusan kullum sai na leƙa ta. Ni kam ba a ji mini kunyar komai ba. Sunana a bakin Inna ya sha kira har ya gaji, galibi ma da faɗa.

An haife ta a wata ruga da ke wajen Gwiwa, a cikin Fulanin da suka riga suka zauna wuri ɗaya suna noma suna kiwo. Tun tana budurwa take ɗaukar ƙwaryar nono zuwa kasuwannin yankin, kuma a kasuwar Roni ne mahaifinmu, Malam Sama'ilu, masinja a ofishin hakimi, ya gan ta. Ta shigo gari da Fillancinta da Hausarta da kunyarta, duk ba ta bar ko ɗaya a ruga ba. Da ta haifi Yaya, sai da kakarmu ta yi mata tsawa kafin ta yarda ta ba shi nono a gaban mutane. Ana yaye shi aka miƙa shi ga yayar mahaifinmu, wadda gidanta ke jikin namu, zana ce kawai ta raba. A can ya girma. Idan ya shigo gaisuwa zai durƙusa daga bakin ƙofa, ita kuma ta amsa tana kallon murhu.

Ba ita kaɗai ke kunyar ɗan fari ba, ai ko'ina a ƙasarmu ana yi. Amma sauran mata sukan sassauta idan girma ya zo, ka ji suna cewa "babban yaya" ko "baban wance" suna dariya. Inna ba ta sassauta ba. Akwai wani mai shayi a bakin titinmu mai suna Lawal, shekara da shekaru tana aike wurinsa, amma ba ta taɓa ce masa komai ba sai "mai tebur". Ranar da Yaya ya gama makarantar jinya, mata sun cika gidan suna yi mata barka, ita tana can bayan ɗaki tana tankaɗen da babu wanda ya sa ta. Ranar da zai tafi Jidda ya zo sallama, abin da ta ce kawai shi ne, "Allah ya tsare hanya," kuma da akuyarta take magana a lokacin, ko aƙalla ita take kallo.

Abin yana ba ni haushi tun ina yarinya, kuma ban ɓoye ba. Na sha ce mata, "Inna, wannan ai ba kunya ba ce, horo ne." Sai ta ce, "Auta, ke bakinki ba shi da ƙofa." A nan maganar ke mutuwa.

Bayan rasuwar mahaifinmu idanunta suka fara yana. Da can takan bi izu biyu na ƙasa a Alƙur'aninta mai manyan baƙaƙe, yanzu layin ya daina tsaya mata. Da Yaya ya zo hutu shekarar da ta gabata, sai ya zo mata da wata 'yar lasifika, ba ta fi tafin hannu biyu ba, irin wadda ake yi wa magana ta amsa. Sunanta Alexa, kuma wadda ya sayo tana jin Larabci. Ya sa aka ƙara wa solar gidan batir, ya sayo ƙaramar na'urar intanet ya rataye a ƙusa, ya haɗa komai da asusunsa. Ya kuma saka manhajar a wayata da asusun nasa, don in iya gyarawa idan wani abu ya kwance bayan ya tafi.

Koyarwar ita ce abin kallo. Yaya yana tsugune a bakin ƙofa, Inna tana gefen gado ta juya baya, ni ina tsakiya kamar tafinta a kotu.

"Bahijja, gaya wa Inna ta fara kiran sunan. Idan ta ga shuɗin haske ya kama, sai ta faɗi surar da take so."

"Inna, kin ji."

"Na ji. Tambayi mai kayan, tana jin Hausa?"

"Yaya, ka ji."

"Ce mata ba ta ji. Larabci ne, sai Turanci."

"Fillanci fa?"

"Shi ma ba ta ji."

Inna ta gyaɗa kai, ta ce, "To, madalla." A lokacin na ɗauka takaici ne ya sa ta faɗi haka.

Cikin mako guda ta iya. Ta haddace 'yar jimlar Larabcin da ya koya mata, takan kira sunan, hasken ya kama, ta nemi Yasin ko Tabara, karatu ya cika ɗakin. Ta raɗa wa na'urar suna 'Yar Makka, ta yanka mata wani ƙyalle mai fure tana rufa mata saboda ƙura. Matan unguwa suka riƙa zuwa gani. Wata ta tambaye ta ko abin ba ya ɗaukar maganar mutane, Inna ta ce, "Kurma ce a Hausa. Ko zaginta kika yi, haƙuri za ta ba ki da Larabci."

Gaskiya ne ba ta jin Hausa. Abin da ni da Inna ba mu sani ba shi ne, rashin fahimta daban, ajiya daban.

Wata ranar Asabar da hantsi, bayan an yi wata da watanni, na'urar intanet ɗin ta lalace, na sayo wata daga Kazaure. Dole sai an sake haɗa 'Yar Makka da sabuwar, don haka na zauna a kan tabarmar Inna na buɗe manhajar da ban taɓa buɗewa ba tun tafiyar Yaya. Na haɗa, ta kama. Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Da na tashi a lokacin da shi ke nan, amma ni mutum ce mai leƙe-leƙe, sai na ci gaba da shiga nan in fita can. A sashen da ya shafi sirri na ga wani wuri da aka rubuta cewa na duba tarihin murya ne. Na danna.

Jeri ne ya fito, kowane layi da ranarsa da lokacinsa. Wasu an rubuta abin da na'urar ta ji da Larabci, na gane sunayen surori. Wasu kuma, masu yawa, an rubuta cewa ba a fahimci abin da aka faɗa ba. Na canza daga na yau zuwa na duka, na yi ta jan allon sama, abin bai ƙare ba. Kusan kullum akwai irin waɗannan, kuma yawancinsu bayan la'asar ne, lokacin da gidan ke zama babu kowa sai ita. A jikin kowane layi akwai alamar da ake dannawa a saurara.

"Inna, ashe 'Yar Makka tana ajiye karatunki," na ce ina dariya. Na zaɓi ɗaya daga cikin waɗanda ba a fahimta ba, don ina zaton Larabcinta ne ya karkace, in samu abin tsokana. Na danna.

Muryar Inna ta fito daga wayata, ƙasa-ƙasa, irin muryar da ban san tana da ita ba. Ta kira sunan na'urar, ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Lawal. Lawal, ka ci abinci kuwa?"

Bai fi 'yan daƙiƙu ba. Gyaɗar da ke hannunta ta zube a faranti. Ni kuma na rasa inda zan sa idona. Wallahi da tsirara na tarar da ita a banɗaki, kunyar da zan ji ba za ta kai wannan ba. Na kifa wayar a cinyata.

Ta ja mayafinta ta rufe kai har fuska.

"Auta," ta ce daga cikin mayafin. "Wane ne wannan?"

"Ke ce, Inna."

"Na san ni ce. A ina ya shiga wayarki?"

Na gaya mata iya abin da na fahimta daga rubutun da ke shafin. Na'urar tana jiran sunanta ne kawai. Da zarar ta ji an kira ta, hasken nan ya kama, to abin da aka faɗa bayan haka tana tura shi ta intanet can wurin kamfanin don a gane me ake nema. Ko an gane ko ba a gane ba, muryar tana nan a ajiye a asusun mai kayan, sai in shi ya goge ko ya sa a daina ajiyewa.

"Ba a cikin cikinta yake ba?"

"A'a."

"In na jefa ta rijiya fa?"

"Yana nan, Inna. Ba a jikinta yake ba."

Na ga yatsunta suna murza bakin mayafin. Sannan ta yi tambayar da nake tsoro.

"Mai kayan. Shi ma yana da irin wannan a tasa wayar?"

"Asusun ɗaya ne."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Yana da shi. Duk abin da na gani, in ya buɗe zai gani."

Sai ta yi wani ɗan sauti, ba kuka ba, kamar wadda ta taka ƙaya ba ta son a sani. Ta ce, "Ya buɗe?"

"Ban sani ba. Ba ya nuna ko an saurara. Amma ni ma da ƙyar na gano wurin, kuma kin san aikinsu, ba su da lokacin kansu." Na faɗi haka ne don in kwantar mata da hankali, kuma a lokacin na yarda da abin da na faɗa.

A hankali, ba tare da na tambaya ba, ta ba ni labarin, tana magana da tabarma. Wata rana ta kira na'urar za ta nemi sura, sai sunan surar ya ɓace mata. Hasken yana kunne yana jira. Ɗakin babu kowa, abin da ke gabanta kuma ba ya jin yarenta, kuma daga hannun Yaya ya fito. Sai kawai ta ji sunansa ya fita daga bakinta. Na'urar ta ba ta amsa da Larabci, ta kashe haskenta, babu abin da ya faru, rufin ɗaki bai faɗo ba. Washegari ta sake. Ta lura hasken ba ya daɗewa, in ta yi shiru kaɗan sai ya mutu, don haka ta koyi yin maganar gajere-gajere, in ba ta gama ba ta sake kira.

"Shekara hamsin ba kaɗan ina riƙe da bakina," ta ce. "Uwata ta riƙe nata har kabari. Ni sai da na tsufa na zo na zubar a gaban roba."

Nan haushina ya taso, irin na kullum. "Inna, me kika zubar? Ɗanki kika kira. Zagi kika yi? Sata kika yi? Ni da za ki bi tawa, ki bar shi ya ji. Mutum ya kusa hamsin bai taɓa jin uwarsa ta kira shi ba."

Ta yaye mayafin ta dube ni da idanun nan masu yana. "In ya ji, da wace fuska zan amsa gaisuwarsa? Ya durƙusa a ƙofar nan yana sane, ni ina sane? Ke ba ki san abin ba, Auta. Ba a yi miki ba, ba ki yi wa kowa ba." Sai muryarta ta sauka. "Ana gogewa?"

"Ana gogewa."

"Daga wayarki, ko har tasa?"

"Daga asusun ne. In na goge a nan, ya tafi a can ma."

"Goge."

Na ce mata ta bari in kira shi tukuna, kayansa ne. Ta ce in na kira shi me zan ce, in ce ga abin da uwarka ta yi kada ka duba? Na ce to a bar ko guda ɗaya. Ta ce ɗayan ai shi ne duka. Na ce in an goge fa ba ya dawowa. Ta ce abin da take nema ke nan. Daga nan ta yi abin da bai taɓa faruwa tsakaninmu ba, ta kama hannuna da hannu biyu ta ce, "Don girman Allah, Bahijja, ki rufa mini asiri."

Inna ba ta roƙo. Ko ranar da aka fitar da gawar mahaifinmu ba ta roƙi kowa komai ba. Na ɗauki wayar. Ana iya goge layi ɗaya-ɗaya, ana iya goge na rana guda, ana iya goge duka. Na zaɓi duka. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata, jerin ya zama fari. Na shiga wurin da ake zaɓar tsawon ajiya. Na tarar yana kan a ajiye har sai mai asusun ya goge da kansa. Akwai na wata goma sha takwas, akwai na wata uku, akwai na kada a ajiye murya sam. Na karanta mata, ta ce na ƙarshen. Na nuna mata kuma maɓallin da ke saman na'urar, wanda in an danna hasken ya koma ja, ba ta jin ko da sunanta. Ta laluba da yatsa ta danna da kanta, ta ɗauko ƙyallen mai fure ta rufe.

Kwana biyu babu karatu a ɗakin. Ranar Litinin ina dawowa daga makaranta, ina kan acaɓa, wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Na sauka a bakin layinmu na ɗauka. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi maigidan, ya tambayi damina, ya yi ta zagaye kamar ba shi ke biyan kuɗin kiran ba.

"Bahijja, kin taɓa wani abu a manhajar nan ne?"

"Na canza intanet ɗin."

"Ban da shi."

Na tsaya a gindin dalbejiyar ƙofar gidan maƙwabta. "Me ka gani, Yaya?"

"Ban ga komai ba. Shi ya sa na kira."

Na ce, "Ka san da shi ke nan."

Ina jin hayaniyar asibiti a bayansa. Sannan ya ce tun watan farko ya sani. Ya shiga ne don ya duba ko tana iya amfani da na'urar, ko surorin suna fitowa daidai. Ya danna ɗaya kamar yadda na danna. Ya ce a ɗakin canza kaya yake a lokacin, sai da ya zauna a ƙasa.

"Na san bai kamata in ci gaba ba," ya ce. "Ba da ni take magana ba. Kullum sai in ce yau ne na ƙarshe, gobe zan kira ki in ce ki gaya mata. Sai in tashi daga aiki in ga akwai sabo." Ya yi wata 'yar dariya maras daɗi. "Ni da nake hana ɗalibai leƙa fayil ɗin majinyacin da ba nasu ba."

"Me ya sa ba ka kwafa ba? Ko da wata wayar ka ɗauka."

"Na yi tunani. Sai na ga saurare ma laɓe ne, in na kwafa ya zama sata."

Ya ce akwai wanda ya fi komawa kansa. Ta yi shi ne kashi-kashi, kira uku ko huɗu a jere, rabi Hausa rabi Fillanci. Tana ba shi labarin lokacin da ya yi ƙyanda yana ɗan shekara biyar a gidan gwaggonmu. Bai san ta zo ba, duk rayuwarsa yana zaton ba ta zo ba. Ashe tana tsaye a bayan zanar nan tana sauraren numfashinsa, in ya yi tari ta dafe bakinta.

Masu wucewa suna gaishe ni ina ɗaga musu hannu.

"Ita ta sa ki?" ya tambaya.

"Ita ce."

"To ta sani ke nan ana ajiyewa." Ya ja numfashi. "Kin yi daidai. Nata ne. Amma don Allah kada ki gaya mata na ji. Ba za ta iya ɗauka ba."

Haka na shiga gidan Inna da amanar mutum biyu a kaina, kowanne yana jin kunyar ɗayan, ni kuma ina jin ta duka biyun. Na same ta a tsakar gida tana tsintar wake da laluben yatsa. Na gaishe ta na zauna. Ban san me ta ji a muryata ba.

"Kin yi waya da Jidda," ta ce.

"Mun gaisa."

"Suna lafiya?"

"Lafiya lau."

Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Bai buɗe ba ko?"

An san ni da baki a gidanmu da makarantarmu, har shugaban makaranta yana kauce mini a taro. Ranar nan bakin ya ƙi buɗuwa. Ƙarya ɗaya ce, kalma uku, kuma Yaya ya riga ya ba ni izininta. Amma Inna ce, ta san numfashina tun kafin in san kaina. Na yi shiru, shirun ya yi tsawo har ya zama amsa.

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ta tashi a hankali, ta shiga ɗaki, ta saki labule.

Mako guda ba ta fita ko gidan suna ba. Ranar Juma'a, da Yaya ya saba kira a wayata in miƙa mata su yi gaisuwarsu ta kalma biyar, ta ce in ce tana alwala. Juma'a ta gaba ma alwala. Shi bai tambaye ni dalili ba, na san ya gane. Na ji haushinsu su biyun, na ji haushin kaina, na ji haushin robar da ke ƙarƙashin ƙyalle tana ja kamar garwashi. Ɗan abin da ke tsakaninsu ma, gaisuwar bakin ƙofa, ga shi yana neman ya tsinke.

Ana cikin mako na uku na shigo da yamma na tarar ta yaye ƙyallen. Tana zaune a gefen gado, na'urar tana gabanta da jan haskenta.

"Auta, da ya kira ran nan, faɗa ya yi?"

"Bai yi faɗa ba. Ya ce naki ne, na yi daidai."

"Me kuma ya ce?"

Na auna, na ga ɓoyewa ta riga ta ƙare. "Ya ce kullum in ya tashi daga aiki yake saurara. Ya ce bai san kin zo lokacin ƙyandarsa ba."

Ta juya fuskarta bango. Na kau da kai na shiga gyara tulun da babu abin da ya same shi. Da ta sake magana, muryarta ta koma irin ta kullum, ta aike.

"Ba kyau mutum ya ba ka ajiyar kaya ka sauya masa. Wannan abin da kika kashe, mayar masa yadda ya bar shi."

"Inna, in na mayar, duk abin da kika faɗa bayan kin kira ta zai zauna a asusunsa."

"Na ji ki tun ran nan. Ba kurma ba ce ni."

Na buɗe manhajar na mayar da shi kan a ajiye. Ta laluba ta danna maɓallin, jan hasken ya mutu. Ta ce in tafi, maigidana na jira.

Washegari gab da magariba na leƙa jerin. Akwai Tabara da safe, akwai layi ɗaya bayan la'asar wanda ba a fahimta ba. Ban danna ba, kuma tun daga ranar ban sake danna ko ɗaya ba. Juma'ar da ta biyo baya ta karɓi wayar, suka yi gaisuwarsu yadda suka saba, tana kallon murhu, babu wanda ya ƙara kalma.

Yanzu kusan kullum akwai layi ɗaya bayan la'asar. Na taɓa tambayar Yaya abin da take cewa. Ya ce takan ce an yi ruwa a Roni, ko akuya ta haihu, ko a rage shan sanyi, a gaida mutanen Jidda.

"Sunan fa?" na ce.

"Ai yanzu ta san ina ji," ya ce. "Ba za ta sake faɗa ba."